Darasi: Gajeriyar Kwana a Wasan Hoki

Ranar 8 ga Agusta 2024, a wasan neman lambar tagulla na gasar Olamfik ta birnin Paris, Sifaniya ce ta fara jefa wa Indiya ƙwallo a raga. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci sai Indiya ta samu gajeriyar kwana, kyaftin ɗinta Harmanpreet Singh ya farke. Da aka dawo, ba a yi minti huɗu ba ta sake samun wata, ya ƙara. Haka aka tashi 2 da 1. Duk gudun da aka sha na minti 60, bugu biyu ne suka raba gardama, kuma kowannensu bai wuce 'yan sakanni ba.

Gajeriyar kwana, wadda ake kuma kira kwanar fenariti, hukunci ne da ake yi wa masu tsaron baya idan suka yi laifi kusa da ragarsu. Ana tsayar da wasa, a rage yawan masu tsaro zuwa biyar, a bai wa masu kai hari damar shirya bugunsu a tsanake. Dama ce babba, amma akwai haɗari a cikinta, domin ƙwallon hoki tauri gare ta, nauyinta tsakanin giram 156 ne zuwa 163, kuma mutane ake tunkara da ita. Saboda haka dokokin da Hukumar Hoki ta Duniya, FIH, ta tsara a kanta abu biyu suke ƙoƙarin haɗawa: a bai wa wanda aka yi wa laifi haƙƙinsa, kada kuma a raunata kowa. In kun riƙe wannan, ba sai kun yi hadda ba, kowace doka za ta faɗa muku dalilinta da kanta.

Alamomin da ke ƙasa

Kafin mu jera mutane, mu san wurin. Faɗin raga mita 3.66 ne, tsayinta mita 2.14. A cikinta, ta ƙasa, akwai allon katako a baya da gefe biyu, tsayinsa santimita 46. Ku riƙe wannan adadi, domin rabin darasin nan a kansa yake. A gaban raga an zana rabin da'ira mai nisan mita 14.63 daga turakun raga, kuma ba a cin ƙwallo a hoki sai ɗan wasan da ke kai hari ya taɓa ta da sanda a cikin wannan da'ira. Bayanta da mita 5 akwai wani layi mai tsinke-tsinke da ya kewaye ta. A kan layin baya kuma, dama da hagu na raga, akwai gajerun alamu biyu-biyu: ɗaya a mita 5 daga turke, ɗaya a mita 10.

Abin da ke jawo ta

Mafi yawan gajerun kwanonin da za ku gani, ƙafa ce ke jawo su: ƙwallo ta bugi ƙafar mai tsaron baya a cikin da'irarsu. Ƙa'idar ita ce duk laifin da mai tsaro ya yi a cikin da'ira, wanda bai hana ƙwallon da ke shirin shiga raga shiga ba, gajeriyar kwana ce. Haka nan in ya yi laifi da gangan a wajen da'ira amma cikin yankin mita 23 na gidansu, ko ya fitar da ƙwallo ta layin baya da gangan, ko ƙwallon ta maƙale a tufafinsa ko kayan kariyarsa a cikin da'ira. Gola shi an yi masa sassauci: yana iya kaɗe ƙwallo da sanda ko jiki ta bi duk inda ta ga dama, har ta layin baya. Alamar alƙalin wasa ba ta ɓuya, zai busa usur ya miƙa hannuwansa biyu suna nuna raga.

Daga nan ana tsayar da agogo. A manyan gasanni sakan 40 ake bai wa ɓangarorin biyu su shirya, masu tsaro su saka abin rufe fuska da safar hannu da kariyar gwiwa. Ba a canjin ɗan wasa daga lokacin da aka ba da kwana har ta ƙare, sai fa in golan masu tsaro ya ji rauni ko an kore shi. Wannan hani yana da asali. A shekarun 1990 Ingila tana da wani ɗan wasa, Calum Giles, wanda yakan zauna a benci, in an samu kwana ya shigo da gudu ya buga, ya koma ya zauna. Kafin shekarun su ƙare aka toshe wannan ƙofa.

Wa zai tsaya ina

Ana ajiye ƙwallo a kan layin baya, cikin da'ira, aƙalla mita 10 daga turken raga. Masu kai hari ne ke zaɓar gefen da suke so, kuma yawanci sukan ɗauki gefen da ke hagunsu in sun fuskanci raga. Mutum ɗaya ne zai tsaya a kan ƙwallon, shi ne mai turowa. Dole aƙalla ƙafarsa ɗaya ta kasance a wajen fili. Yana iya turo ƙwallon ko ya doke ta, amma ba ya ɗaga ta sama da gangan. Da zarar ta bar sandarsa, ba zai sake taɓa ta ba, ba zai ma matso inda sandarsa za ta kai gare ta ba, sai wani ya taɓa.

Sauran masu kai hari suna cikin fili, a wajen da'ira. Doka ba ta ce ƙafa kawai ba: ƙafa, hannu da sanda, babu wanda zai taɓa ƙasar cikin da'ira kafin a turo ƙwallo. Mutum na iya sunkuyawa, kansa ko sandarsa su leƙa ciki ta sama, muddin ba su taɓa ƙasa ba. Ba a ƙayyade yawansu ba, sai dai ƙungiya mai hankali kan bar mutum biyu ko uku a baya saboda harin ramuwa. A saman da'ira, daidai da raga, ake samun mutum biyu mafi muhimmanci: mai tarewa, wanda ke durƙusawa ya kwantar da sandarsa a ƙasa ya tsayar da ƙwallo, da mai bugu, wanda ke 'yan taku a bayansa. Manyan ƙungiyoyi sukan jera irin wannan tagwaye har biyu don masu tsaro su rasa inda ƙwallon za ta nufa. Ragowar suna gefe da gefe, suna jiran su kutsa wajen turakun raga su karkata ƙwallo da bakin sanda.

Masu tsaro kuwa, biyar kacal aka yarda su tsaya a bayan layin baya, kuma gola yana cikin biyar ɗin. Su ma ƙafa, hannu da sanda ba sa taɓa cikin fili. Suna iya tsayawa cikin raga ko a gefenta, amma babu wanda zai kusanci ƙwallo ƙasa da mita 5, kuma amfanin alamar mita 5 ke nan a gefen da ake turowa. Wannan tazara ta mita 5 ta shafi abokan mai turowa ma. Sauran masu tsaro shida sai su koma bayan layin tsakiya. Daga can zuwa bakin da'ira kusan mita 31 ne, don haka kafin su iso an riga an yi bugun farko. Da gangan aka tsara haka, wannan shi ne ainihin horon.

Yadda mutum biyar ɗin ke raba aiki ba doka ce ta faɗa ba, koci ne. Tsarin da aka fi gani shi ne mutum ɗaya, mai fita na farko, ya ruga kai tsaye wajen mai bugu da sandarsa a ƙasa don ya toshe hanya. Na biyu ya bi bayansa ta gefe, yana jiran in an miƙa ƙwallon ga wani. Na uku ya tsare gaban gola don kwashe wadda ta dawo. Na huɗu ya tsaya a kan layin raga kusa da turke ɗaya, galibi na hagun gola. Gola kuma ya yi taku kaɗan gaba ya tsaya. A ganina babu aikin da ya kai na mai fita na farko buƙatar zuciya a duk wasan hoki. A ƙungiyar Indiya da muka ambata, Amit Rohidas ne ya yi suna da wannan aiki.

In wani ya yi riga-malam-masallaci

Babu mai motsawa sai ƙwallo ta bar sandar mai turowa. Kafin nan mai kai hari ba ya shiga da'ira, mai tsaro ba ya ƙetare layin baya ko na tsakiya. Tazarar da ke tsakanin layin raga da mai bugu kamar mita 14 ce, ƙwallon kuma tana tafiyar kusan mita 19 daga mai turowa zuwa mai tarewa. Tsere ne tsakanin mutum da ƙwallo, kuma taku ɗaya da aka sata yana iya canja sakamako. Shi ya sa hukuncin ya yi tsauri.

In mai tsaro ya fito kafin lokaci, sai a tura shi bayan layin tsakiya, ba a maye gurbinsa, a sake kwanar da mutum huɗu. In a maimaicin wani ya sake yin haka, shi ma ya tafi, su rage uku. In gola ne ya yi azarɓaɓi, shi ba ya tafiya, amma ƙungiyarsa za ta fitar da wani daga cikin huɗun ya tafi a madadinsa.

A ɓangaren masu kai hari akwai abin da ke ba sababbin 'yan kallo mamaki. In ɗayansu ya shiga da'ira kafin lokaci, ba shi ake kora ba, mai turowa ake turawa bayan layin tsakiya, wani ya karɓi aikinsa. Hikimar a fili take: mai turowa gwani ne da aka horar musamman, rasa shi ya fi ciwo. Haka kuma in mai turowa ya yi kamar zai turo ya fasa, don ya yaudari masu tsaro su fito, shi za a kora, su kuma ba a kama su da laifi ba. In kuwa ƙafafunsa biyu na cikin fili ne, sai kawai a sake.

A nan ku bambance abu biyu da ake yawan gaurayawa. Akwai kwanar da aka maimaita saboda wani ya karya dokar tsayuwa, ko saboda wani laifi kafin ta farkon ta ƙare, kamar ƙwallo ta bugi ƙafar mai tsaro, akwai kuma sabuwar kwana da aka bayar bayan ta farkon ta ƙare, kamar in ƙwallo ta wuce mita 5 daga da'ira sannan aka sake yin laifi. A maimaici, wanda aka kora yana nan a tsakiya. A sabuwa, an yafe, masu tsaro sun koma biyar.

Sai ta fita, sai ta dawo

Sharaɗi na farko kafin a ci ƙwallo shi ne ta fita daga da'ira. Layin da'ira ɓangare ne na da'irar, don haka ƙwallon da ke kan layi ba ta fita ba, sai ta ƙetare shi gaba ɗayanta. Bayan ta fita kuma sai an dawo da ita ciki, tunda ba a ci daga waje. Abin da ya sa kuke ganin mai tarewa yana ajiye sandarsa ɗan kaɗan a bayan layi ke nan: ya tsayar da ita a waje, sannan ya gangara ta ciki don mai duka, ko kuma ya bar ta mai jan ƙwallo ya ja ta ciki da kansa.

A da doka ta wajabta a tsayar da ƙwallon cak kafin a buga, har ma akwai zamanin da da hannu ake tare ta. Yanzu ba dole ba ne. Ana tsayar da ita ne kawai don bugu ya fi daidaita. In ƙwallon ba ta fita ba aka buga ta shiga raga, ba a ci ba, sai masu tsaro su fito da ita.

Bugun farko

Yanzu mun zo gundarin darasin. Tambayar farko da alƙali ke yi wa kansa ita ce: da wane irin bugu aka buga? Hoki ta san iri huɗu. Akwai duka, inda ake janye sanda baya a kawo ta da ƙarfi ta haɗu da ƙwallo. Akwai turi, inda sanda ke manne da ƙwallo tun farko, a tura ta a ƙasa. Akwai cilli, wanda turi ne da ke ɗaga ƙwallo sama. Akwai kuma kwasa, inda ake sa bakin sanda ƙarƙashin ƙwallo a ɗaga ta. Wanda ya share ƙasa da sanda daga nesa har ta zo ta maki ƙwallo, duka ya yi a idon doka, ko da sandar ba ta tashi daga ƙasa ba.

In bugun farko zuwa raga duka ne, ba za a ci ba sai ƙwallon ta ƙetare layin raga a tsayin da bai wuce santimita 46 ba, ko kuma ta kasance a kan hanyar da za ta ƙetare shi a wannan tsayi kafin wani abu ya karkatar da ita. Santimita 46 inci 18 ke nan, kusan tsawon bulon gini guda in aka tsayar da shi a tsaye. In kuwa bugun cilli ne ko kwasa, babu wannan iyaka, ƙwallon na iya shiga ta ƙarƙashin sandar sama, sharaɗin kawai kada ta zama haɗari.

Ku lura da wurin da ake aunawa: kan layin raga. Ba wurin da aka buga ba, ba tsakiyar hanya ba, ba kuma inda ƙwallon ta sauka a cikin raga ba. Mutane da yawa sun ɗauka in an ji ƙarar katako an ci, in ta faɗa zare ba a ci ba. Yawanci hakan kan zo daidai, amma ba shi ne doka ba. Allon baya yana fiye da mita guda a bayan layin raga. Ƙwallon da ke tashi a hankali tana iya ƙetare layi a ƙasa da santimita 46, ta je ta faɗa zare a saman allo, kuma an ci. Wadda ke saukowa tana iya ƙetare layi a sama da haka, ta je ta bugi allo, kuma ba a ci ba. Alƙali mai lura yakan auna da allon gefe, wanda ya faro daga jikin turke.

Tunda a kan layi ake aunawa, ƙwallon na iya tashi sama da santimita 46 a tsakiyar tafiyarta, misali ta tsallake golan da ya kwanta, muddin ba ta yi wa kowa barazana ba, kuma da kanta za ta sauko kafin ta kai layi.

Batun karkatarwa shi ne inda gardama ta fi yawa a bakin fili, alhali ƙa'idar ɗaya ce: a dubi hanyar da ƙwallon ta ɗauko daga sandar mai duka. In ta taso a ƙasa, sai abokin wasansa ya sa sanda ta tashi ta shiga saman raga, an ci. In sandar mai tsaro ko jikin gola ta buga ta tashi ta shiga sama, nan ma an ci. Amma in ta taso a sama, kan hanyar da za ta wuce santimita 46, laifi ya riga ya auku tun daga sanda. Ko da daga baya ta bugi wani ta sauko ta shiga ta ƙasa, alƙali zai bai wa masu tsaro bugun tazara.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa da zarar an miƙa ƙwallo ga mutum na biyu, ko mai tsaro ya ɗan taɓa ta, dokar ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Bugun farko shi ne yunƙurin farko na cin ƙwallo daga cikin da'ira, ko hannu nawa ta bi kafin nan. Sai an yi shi sannan duka na biyu da na uku su samu 'yancin tashi sama, su ma da sharaɗin rashin haɗari.

Me ya sa aka ɗaure duka aka saki cilli? Wanda ya daka ƙwallo da dukan ƙarfinsa ba ya da cikakken iko a kan tashinta, ƙaramin tudu a ƙasa ko ɗan karkacewar sanda ya isa ya aika ta fuskar mutum. Cilli kuwa, lokacin da aka tsara dokar, bugu ne mai taushi da ake iya gani a kauce masa. Sai 'yan wasa suka ɓullo da dirag-filik: mai bugu ya taho da gudu, ya sa ƙwallo a jikin sanda tun tana bayansa, ya ja ta doguwar tafiya yana sunkuye, sannan ya wurga ta. Tunda sanda ba ta rabu da ƙwallo ba, doka ta ɗauke shi cilli. Sohail Abbas na Pakistan ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 348, akasari ta wannan hanya. Gonzalo Peillat ya ci 11 a Olamfik ta Rio a 2016, inda Ajantina ta ɗauki zinare. A hannun irin waɗannan, gudun ƙwallon yakan wuce kilomita 100 a awa. In muka ɗauki kilomita 108 a awa, mita 30 ke nan a sakan guda, wato gola da mai tsaron turke ba su da ko rabin sakan. Gaskiyar magana, dokar santimita 46 ba ta kare masu tsaro yadda take yi a da, kuma abin rufe fuska ne ya cike wannan giɓi.

Gwiwar mai fita

Saboda cilli ba shi da iyakar tsayi, an yi wata ƙa'ida don mai fita na farko. In mai tsaro yana cikin mita 5 daga wurin bugun farko, ƙwallo ta same shi a ƙasan gwiwa, laifinsa ne, a ba da sabuwar kwana. In ta same shi a gwiwa ko sama da ita yana tsaye yadda aka saba, bugun ne mai haɗari, a bai wa masu tsaro bugun tazara. Amma wanda ya ruga ya kai jikinsa gaban bugu ko ya afka wa mai bugu, ba tare da ya yi niyyar tare ƙwallo da sanda ba, shi ne ya jawo haɗarin, shi za a hukunta.

Mai tsaron turke lamarinsa daban ne. Yana nesa da bugun, kuma shi ya zaɓi tsayawa a bakin raga. In halastaccen bugu ya same shi a ƙafa ko jiki ya hana ƙwallo shiga, ba kwana za a bayar ba, fenariti ce, daga kai sai gola, a tazarar mita 6.40.

Mu bi guda ɗaya daki-daki

A ce masu jar riga sun samu kwana a kan masu farar riga, saura sakan goma a tashi. An jeru. Kafin a turo, mai fita na farko na farare ya zabura ya ƙetare layi. Alƙali ya busa, ya nuna masa tsakiya. Farare sun koma huɗu har da gola, sai mai bi na biyu ya karɓi fitar farko.

An sake turowa. Mai tarewa ya tsayar da ƙwallo a wajen layi, mai bugu ya ja ta ciki ya cilla, ta bugi ƙaurin mai fita a tazarar mita 3. Ƙasan gwiwa ne, cikin mita 5: a sake kwana. A daidai nan lokaci ya cika, amma ba a tashi, domin doka ta ce a ƙarshen kowane zango ana tsawaita wasa har kwana ta kammala, da duk wata kwana ko fenariti da ta haifar. Tunda kuma ta farkon ba ta ƙare ba, wanda aka kora yana nan a tsakiya, farare suna nan su huɗu.

Karo na uku jajaye suka canja dabara. Mai bugu ya yi kamar zai cilla, sai ya zura wa abokinsa na hagu. Sandar mai fita ta ɗan goge ƙwallon amma ta wuce. Na hagu ya daka ta, ta tashi daidai ƙugu, ta bugi safar hannun gola, ta sauko ta gangara cikin raga. Jajaye suna murna, alƙali ya ce ba a ci ba. Ya yi daidai. Yaudarar mai bugu ba bugu ba ce, miƙawar ba bugu ba ce, gogar sandar mai tsaro ba ta soke komai ba. Dukan na hagu shi ne bugun farko, kuma hanyarsa ta fi santimita 46. Bugun tazara ne na farare, kwana ta ƙare, wasa ya tashi. Da na hagun ya cilla ta ne a wannan tsayin ba tare da ta yi wa kowa barazana ba, da an ci.

Inda take ƙarewa

Kwana tana ƙarewa in an ci, ko an bai wa masu tsaro bugun tazara, ko an ba da fenariti, ko ƙwallo ta fita ta layin baya ba tare da an ba da wata kwana ba, ko kuma ta wuce mita 5 daga da'ira, wato ta ƙetare layin nan mai tsinke-tsinke. Da ta ƙetare shi dokar santimita 46 ta faɗi, an koma wasa na yau da kullum. Masu tsaro su cire kayan kariyarsu da zarar sun samu sarari, su jefa su can bayan layi. Kada a yar da su a cikin da'ira, domin in ƙwallo ta bugi abin rufe fuskar da aka yar a ciki, sabuwar kwana ce.

Aikin yi

Ku samu fili, igiyar awo da toka ko farar ƙasa. Ku zana raga da da'ira, ku sa alamun mita 5 da mita 10, ku ɗaure zare tsakanin turaku biyu a tsayin santimita 46. Ku jeru ba tare da ƙwallo ba tukuna, ɗaya ya zama alƙali, ya zagaya ya duba ƙafa, hannu da sandar kowa. Bayan haka ku tattauna waɗannan: me alƙali zai yanke in gola ya fito da wuri har sau biyu a jere? Me zai yanke in duka ya taso a ƙasa, ya bugi sandar mai tsaron turke, ya shiga saman raga? In kuma ƙwallo ta wuce layi mai tsinke-tsinke, aka dawo da ita aka daka ta sama cikin raga fa?

Manyan gasanni a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawar roba ake yin su, inda ƙwallo ke tafiya sumul. In filinku na ƙasa ne ko ciyawa, ƙwallon za ta riƙa tsalle, duka kuma zai riƙa tashi ba da niyyar mai shi ba. Don haka ku fara da turowa da tarewa har su zauna, sannan duka a ƙasa, dirag-filik ya jira. Kada kuma ku bar kowa ya tsaya a bakin raga ko ya yi fitar farko ba tare da abin rufe fuska, kariyar haƙora da ta ƙauri ba, ko da a atisaye ne.